Sadiƙ ya maida ƙasa kwanonsa

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina kwananku, ya zafi? Don Allah tambaya gare ni, kar a yi mini dariya. Yarona Sadiƙ watansa 13. Babansa ya sayo masa kujerar nan mai dogayen ƙafafu ta cin abincin yara, cikin kayan Kwatano, mai ɗan faranti a gaba. Sati uku ke nan da na fara ɗora shi a kanta, kuma tun ranar abinci bai ƙara zama a gabansa ba. Zai ɗauki dankali, ya miƙa hannu gefe, ya buɗe yatsu, ya saki, ya leƙa. Ya ɗauki wani. In na ɗauko masa cokali, kafin in zauna ya sake jefarwa. Jiya ƙwai na dala 25 na dafa masa, kajin gidanmu suka sha biki, shi ko lomar kirki bai kai baki ba. Ƙeta ce, ko ƙoshi, ko wata cuta? Kakarsa ta ce ni na sangarta shi.

Zuwaira: Subhanallahi! Ya faɗo daga kujerar? Ki duba kansa da kyau, in ya yi amai ki kai shi gidan likita yanzu, kar ki jira babansa.

Maman Sadiƙ: A'a Tanti Zuwaira, ba shi ya faɗo ba, abincin yake jefowa.

Zuwaira: Af, kai na, ina karatu ina tuƙa tuwo. To amma duk da haka ki riƙa ɗaure shi da igiyar kujerar, tunda kin ce leƙawa yake yi. Kan yaro nauyi gare shi, leƙen nan ne ke kawo su ƙasa.

Hajiya Indo Bagalam: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ni ɗiya 8 na raina, ban taɓa ɗora ko guda bisa kujera ba. Tabarma muke shimfiɗawa, a aje akushi, yaro ya zauna tsakanin ƙafafun uwarsa yana ganin hannun kowa na zuwa baki, shi ma ya kai nasa. Wanda ke zaune ƙasa ina zai jefa abu? Kun ɗauki yaro kun kai shi sama kamar mai gadin gona, shi kaɗai, ba abokin ci, sannan kuna mamaki ya sami aikin yi. Sauke shi, magana ta ƙare.

Baban Nana: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni a ganina har da tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya jefa, ki ɗan buge bayan hannun, ba da ƙarfi ba. Sau uku ya isa. Hatsi bai yi arahar da za a bar yaro yana wasa da shi ba.

Malama Hadiza: Sannunku. Maman Sadiƙ, na daɗe ina aikin awon yara, kuma tambayar nan ba wadda ba ta zo mini da ita ba, da mai kujera da marar kujera. Kafin in ce komai, amsa mini abu huɗu. In ya saki abin, ina idonsa yake, ƙasa ko fuskarki? Tun lomar farko yake farawa, ko sai ya ɗan ci? Me ya shiga cikinsa kafin ki ɗora shi, kuma ƙarfe nawa? Sannan wa da wa ke wurin? Ki duba mini karnen awonsa ma, kilo nawa ya yi a awo biyu na ƙarshe.

Maman Sadiƙ: Malama, karne dai ga shi: watan da ya wuce kilo 9, wannan watan kilo 9 da giram 200. Sauran kuwa wallahi ban taɓa lura ba, ni dai ƙasa nake kallo ina jin haushi. Bari in sa ido a cin rana in dawo.

Mushe Lawali: Kafin ta dawo, bari in sa baki, don abin ya tuna mini da karatun horon malamai. Akwai wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwis, Jean Piaget, wanda ya zauna yana rubuta abin da ƴaƴansa uku suke yi kullum tun suna jarirai. A littafinsa na 1936 ya ba da labarin ɗansa Laurent yana wata 10: yana gutsurar burodi yana saki, yana bin gutsuren da ido har inda ya sauka. Washegari ya ga yaron ya fara canja yadda yake riƙe hannu, wani lokaci sama, wani lokaci gefe, wani lokaci ta bayan kai. In abin ya faɗa wani sabon wuri, kamar kan matashi, sai ya maimaita sau biyu ko uku daga daidai wurin, kafin ya canja. Wato ba saki kawai yake yi ba, tambaya yake yi da hannu: in na saki daga nan fa? Mu mun san komai ƙasa yake zuwa don mun gani sau dubu. Shi bai gama gani ba. Kuma abinci ya fi abin wasa daɗin gwaji, don kowane da irin faɗuwarsa. Tuwo ya manne, dankali ya gangara, cokali ya yi ƙara, koko ya fantsama.

Baban Nana: Mushe, Bature mai burodi a yalwace ne ya zauna yana rubuta wannan. Da tiyar hatsi yake aunawa da kuɗin aljihunsa, da littafin bai kai shafi biyu ba.

Mushe Lawali: Ban musa maka tsadar hatsi ba, Baban Nana, ni ma albashi nake jira. Abin da nake nufi, yaron ba shi da labarin tiya. Akwai ma wani gwaji da aka wallafa a 2015 daga jami'ar Johns Hopkins a Amurka, da jarirai ƴan wata 11. An nuna wa wasu abin wasa an turo shi ya wuce bakin tebur amma, da dabara, bai faɗi ba, ya tsaya a iska. Wasu kuma an nuna musu kamar ya ratsa bango. Da aka miƙa musu abin, waɗanda suka ga bai faɗi ba sai suka fi sakinsa ƙasa, waɗanda suka ga ya ratsa bango suka fi buga shi a kan tebur. Kowa abin da ya ba shi mamaki ya gwada. Saboda haka ni a ganina duk jifan nan karatu ne, a bar yaro ya yi karatunsa.

Malama Hadiza: Mushe, rabin maganarka na karɓa. Karatu na ciki, amma ba duk ba, kuma in uwa ta ɗauka duk karatu ne za ta bar yaro mai ciwon baki yana ture abinci tana cewa ilimi yake nema. Wani abin da ba a ambata ba shi ne hannun kansa. Jariri da damƙa ake haihuwarsa, saki ne ba ya iyawa. Ku tuna yadda ɗan wata 4 ke kama ɗankunne ko gashi, sai an ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Buɗe hannu da gangan, a lokacin da ya ga dama, sai wajen wata 9 zuwa 12 yake zuwa. Sabon abu ne a wurinsa, kamar wanda ya koyi keke jiya, ba ya son sauka. Don haka yawancin yara daga wajen nan suke farawa, abin ya yi ƙarfi bayan shekara guda, ya riƙa raguwa wajen shekara da rabi zuwa biyu.

Hajiya Indo kuma, gaisuwa nake Inna. Kin yi gaskiya kan cin abinci tare, zan dawo kansa. Amma yaran tabarma ma suna yi. Wa bai taɓa ganin goyo yana sako tsala daga bayan uwarsa a kasuwa ba, ta juya ta ɗauko, ya sake sakowa? Bayan uwa ma ai doguwar kujera ce. Kuma na kan tabarma kife kwano yake yi ya shafe da tafin hannu.

Hajiya Indo Bagalam: Kifewa kam suna yi, ban ƙi ba. Amma abin da ya zube kan tabarma ana kwashewa a ci. Wanda ya faɗo daga sama cikin ƙasa da kashin kaji fa?

Malam Sanusi: Tunda an zo nan, in ɗan ce wani abu. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa in lomar ɗayanmu ta faɗi, ya ɗauka ya share abin da ya taɓa ta na ƙazanta ya ci, kar ya bar wa Shaiɗan. Don haka damuwar Hajiya da Baban Nana tana kan hanya. Sai dai umarnin babba aka yi wa. Yaro an ɗauke masa alƙalami. Kuma da Manzon Allah (SAW) ya ga hannun yaro Umar ɗan Abu Salama yana yawo cikin akushi, magana ya yi masa: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Bai buge hannun ba, kuma wancan ma yaro ne mai jin magana. Nauyin kar abinci ya salwanta a kan wanda ya zuba yake.

Maman Sadiƙ: Na dawo, kuma na ji kunya. Ga abin da na gani. Ƙarfe 11 ya yi ƙorafi, na ba shi kunu cike da kofinsa, ya shanye, ya ɗan sha nono. Ƙarfe 12 na ɗora shi, na zuba masa shinkafa da wake da dankali cike da ƴar robarsa. Ya ci kamar loma 4 lafiya lau. Daga nan ya fara. Na farko da na biyu ƙasa ya kalla, kaji suka rugo, ya yi ihu yana buga faranti. Sai yayarsa Ummi, shekararta 5, ta fashe da dariya ta ɗauko masa cokali. Daga nan kuma ba ƙasa yake kallo ba, Ummi yake kallo, hannunsa a miƙe, yana jira ta kalle shi kafin ya saki. Na ƙirga sau 17. A ƙarshe ya gantsare ya share robar gaba ɗaya da hannu, yana kuka.

Malama Hadiza: Madalla, kin yi aikin da ya fi duk maganarmu. A zama ɗaya kin ga iri uku, kuma ido ne ke bambanta su.

Na farko, wanda ya bi abin da kallo har ƙasa, shi ne na Mushe Lawali. Ba ruwansa da ke a lokacin. Kuma a gidanku gwajin na da lada mai tsoka, don duk abin da ya saki kaji na rugowa. Ki duba ta wurinsa: ɗan mutum da ko wando ba ya iya sa wa kansa, ya buɗe yatsu biyu, kaji shida sun taso da gudu. Ko ni ce sai na sake.

Na biyu, wanda ya kalli Ummi yana jira, wasa ne na ba-ni-in-ba-ka. Abincin ba shi ne a ransa ba, fuskar mutum ce. A nan ne maganar Baban Nana ke samun matsala. Dariya lada ce, amma tsawa ma lada ce, zaro ido ma lada ce, don duk sun nuna masa hannunsa na iya motsa babba. Bugun hannu yakan tsayar da shi a wannan minti saboda firgita, amma ɗan wata 13 bai iya haɗa zafin da ƙa'ida ya riƙe har gobe ba. Abin da yakan riƙe shi ne wurin cin abinci wurin tashin hankali ne. Na sha ganin yaran da suka daina jifa, suka daina ci ma tare.

Na uku, sharewar ƙarshe da gantsarewa, wannan magana ce: na ƙoshi, sauke ni. Ba shi da kalmar, sai hannu. Kuma tun a loma ta huɗu ya ƙoshi, sauran duk zaman jira ne. Ga lissafin. Cikin yaro a wannan shekarun yana ɗaukar kamar giram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Sadiƙ kilo 9 ne, ke nan wajen giram 270, kofi guda da ɗan ɗori. Kin cika wurin da kunu ƙarfe 11, kin ƙara nono, sannan bayan awa guda kin kawo roba cike. Ina zai sa? Ga wani abin kuma da ke ruɗa iyaye: a shekarar farko yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku, amma a shekara ta biyu gaba ɗaya kilo 2 zuwa 3 yake ƙarawa. Girman ya lafa, yunwar ma ta lafa, uwa kuma tana nan tana zuba na da. Giram 200 a wata da kika gani a karne daidai ne, yaronki lafiyarsa lau.

Baban Nana: Malama, Nana tawa sau biyu na buge mata hannu, ba ta sake ba. Gani ya kori ji.

Malama Hadiza: Tana da wata nawa a lokacin?

Baban Nana: Ta kusa shekara biyu.

Malama Hadiza: To lokacin da da ma yawancinsu ke bari ke nan, kuma ta fara jin magana. Ba zan iya rantse maka ba bugun ne ya yi ba, kai ma ba za ka iya rantse mini shi ne ba.

Baban Nana: Mun bar shi a haka. Ni dai na ga abin da na gani.

Zuwaira: Ni fa ina ce haƙora ne. Nawa duk lokacin da haƙori zai fito haka suke, su ƙi abinci su yi ta jifa.

Malama Hadiza: Yana yiwuwa na ƴan kwanaki, Zuwaira, dasashi na ƙaiƙayi, yaro ya fi son abin da zai gurgura. Amma haƙori ba ya sa yaro ya tsaya jiran yayarsa ta kalle shi kafin ya saki cokali, kuma ba ya yin sati uku a jere.

Maman Sadiƙ: To Malama, yanzu me zan yi? In sayar da kujerar kamar yadda Hajiya ta ce?

Malama Hadiza: Wannan tsakaninki da mai gidanki. Ko a kujera ko a tabarma abin yi ɗaya ne. Fara da yunwa: ki bar kamar awa biyu tsakanin kunu da abincin rana. In ya yi ƙorafi ƙarfe 11, ki matso da abincin ranar ne, kunun ya koma bayan barcinsa. Kunun ma ki yi shi da kauri yadda ba zai zubo daga cokali da gudu ba, ki sa masa ɗan tunkuza ko garin ƙuli, don tsararo ciki yake cikawa ba ƙarfi.

Sannan robar ta zauna a hannunki. Ki ɗora masa yanka biyu ko uku kawai a farantin, ya cinye ki ƙara. Yaro in ya ga tuli, ɗaya na ci ne, sauran na wasa. Da haka ko ya jefa, yanka biyu kika yi asara, ba ƙwai guda ba. Ki shimfiɗa babban faranti ko wankakkiyar leda a ƙarƙashin kujerar, abin da ya faɗa kai babba ya ɗauka ya ci, kin fita haƙƙin da Malam ya faɗa. Wanda ya taɓa ƙasar tsakar gida inda kaji ke yawo kuwa kar a mayar masa, hanyar zawo ce. Kajin a kulle su na minti 15 ɗin da yake cin abinci. Ummi kuma a ba ta aiki: ta zauna kusa da shi da nata kwanon, ta ci yana gani, in ya ci ta yi masa tafi, in ya jefa ta ci gaba da cin abincinta kamar ba ta gani ba. Nan ne maganar Inna take, yaro da ido yake koyon ci, kuma wanda aka aje shi kaɗai a sama ba shi da wanda zai kwaikwaya. Ke ma ki zauna daidai fuskarsa.

In ya jefa, ki ce abu ɗaya da murya a kwance, kullum kalmomin nan dai: abinci a kwano. Ki aje masa wani ɗan kwano fanko a gefe, ki kama hannunsa ki nuna masa nan ake sa abin da ba a so. Hannun nan da ke son saki ya sami inda zai saki. Cokali sau ɗaya za ki ɗauko. In ya riga ya ci, ya sake jefawa karo na biyu, ki ce ka ƙoshi, ki wanke masa hannu ki sauke shi, ba faɗa, ba wa'azi. Ki duba ƙafafunsa ma. In suna lilo a iska ba abin takawa, zai gaji da wuri, a ɗaura masa ɗan katako.

Abu na ƙarshe, kar ki ce ban gaya miki ba: kwana biyu ko uku na farko abin zai ƙaru. Kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa, in aka yi shiru ƙara bugawa yake yi kafin ya haƙura. In a rana ta uku kika gaji kika yi tsawa, ko Ummi ta yi dariya, kin koya masa cewa a dage ne kawai. Lada mai zuwa wani lokaci wani lokaci ta fi mai zuwa kullum wuyar bari.

Mushe Lawali: In ƙara ɗaya a kan na Malama, kar a kashe masa karatun gaba ɗaya. Da la'asar a ba shi murafan robobi da cokulan katako da kwando, ya yi ta sakawa yana juyewa har ya gaji.

Malama Hadiza: Haka ne, amma kwando ko busasshen bokiti. Kar a bar shi da bokiti mai ruwa ko kaɗan ne, kuma ban da abin da zai shige baki, irin ƙwayar gujiya ko murfin kwalba.

Rakiya Tibiri: Salamu alaikum, ina bin maganar tun safe. Tawa ma haka take yi, watanta 16. Tun da ta yi zawo da zazzaɓi wata guda da ya wuce, ko me na ba ta sai ta ture ta jefar. Har ɗura muke mata da kunu ni da uwar mijina, don kar ta kwana da yunwa. To ni ma in riƙa sauke ta in ta jefa sau biyu ke nan?

Malama Hadiza: A'a Rakiya, tsaya. Abin da na faɗa na yaron da ke ƙara nauyi ne, mai ci yana dariya. Taki tana leƙa abin in ya faɗi? Tana wasa? Ki buɗe bakinta a haske ki gaya mini abin da kika gani.

Rakiya Tibiri: Ba ta leƙawa, kau da kai take yi tana kuka tun kafin cokali ya iso. Wasa ma ta rage. A bakin akwai fari-fari a harshe da cikin kumatu, na goga da tsumma bai fita ba. Zanen goyo ma yanzu sai na ƙara ɗaurewa.

Malama Hadiza: To wannan ba jifan da muke magana ba ne, ƙin abinci ne na marar lafiya. Farin da ba ya goguwa yakan zama ciwon baki mai sa haɗiya zafi, kuma yana da magani. Gobe da safe ki kai ta awo, kar ki jira ranar da aka rubuta miki. A ɗora ta a sikeli, a auna dantsenta da zaren nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya tamowa ta fara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, mai tsanani ce. Yau da dare ki danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In kin ɗaga rami ya zauna, ko ta kasa shan nono, ko ta yi laushi ba ta farkawa sosai, ba gobe ba, yau za ki tafi. Ɗura kuma don Allah ku bari. Yaro na kuka an toshe masa hanci, kunun hanyar numfashi yake iya bi ya sauka a huhu, kuma kowace ɗura tana ƙara mata tsoron cokali. Ki ci gaba da nono, ki riƙa ba ta abu mai laushi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, marar yaji, marar zafi.

Hajiya Indo Bagalam: Ɗura kam mun yi ta, da ita aka raine mu. Amma na taɓa ganin ɗan maƙwabta da ta sarƙe, bai ji da daɗi ba. Rakiya, ji maganar Malama, ki tafi. In uwar mijinki ta hana, ki ce Hajiya Indo ta Bagalam ce ta aike ki.

Zuwaira: Malama, wai har yaushe za a ce jifan ya wuce ƙa'ida? Ɗan ƙanwata ya haura shekara biyu yana yi.

Malama Hadiza: Ɗan shekara biyu da ya jefa don ya yi fushi ko don an ba shi abin da bai saba ba, wannan ruwan dare ne. A shekarun nan suke fara ƙyamar sabon abinci, wani sai an kawo masa sau 10 ko fiye kafin ya yarda ya ɗanɗana. Wanda nake so a kawo mini shi ne wanda ya haura biyu, komai aka ba shi jefarwa kawai yake yi, ba ya sa abu cikin abu, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba kalma ko ɗaya. Shi za a fara da duba jinsa. Haka wanda ke tari ko sarƙewa duk lokacin cin abinci. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, ku bar yaro ya girma.

Maman Sadiƙ: Ƴan'uwa, na dawo da labari bayan kwana 10. Malama ba ki yi ƙarya ba, rana ta biyu sai da na kusa kuka, ya jefa yankan, ya jefa kwanon fankon, ya cire hularsa ya jefa, yana neman Ummi da ido. Ummi ta daure, na saya mata alewa. Yanzu in da yunwa aka ɗora shi, yana cin kusan kofi guda, jifa bai fi biyu ko uku ba, kuma can ƙarshe, sai in sauke shi. Kwanon fanko wani lokaci yana sawa a ciki, wani lokaci ya sa sannan ya kife shi ƙasa da abin da ke ciki. Inda na kasa shi ne ranar da kakarsa ta zo. Ta ce ba za a sauke mata miji da saura a kwano ba, ta bi shi da loma har zaure, ta saki kajin ma wai tausayi. Washegari muka koma sau 9.

Hajiya Indo Bagalam: Kaka ba a hana ta. Kuma har yanzu ban ga amfanin kujerar ga ba, duk abin da Malama ta lissafa a tabarma ya fi sauƙi.

Maman Sadiƙ: Inna, da dare a tabarma muke ci tare da babansa, kuma gaskiya can bai cika jifa ba, sai dai ya tashi ya yi tafiyarsa da loma a hannu. Da rana ne nake ɗora shi don in samu in juya tukunya.

Malama Hadiza: Na dare ki zaunar da shi har ya haɗiye, kar ya yi yawo da abinci a baki. Na kaka kuma ba ni da maganinsa, ni ma tawa surukar ta fi ƙarfina. Rakiya fa? Kwana 10 shiru. Akwai wanda ke Tibiri ya leƙa mana ita?

Rakiya Tibiri: Ina nan Malama, waya ce ba kuɗi. Mun je. Zaren rawaya ya nuna, ƙafa ba kumburi. An ba mu maganin baki, farin ya kusa ƙarewa, an ce mu koma awo ranar Talata. Jiya ta ci tuwo loma 5 da hannunta, ta shida ta miƙa gefe ta saki, ta leƙa tana kallonta.